Kwali ya ce 120, PS5 ta ce 60: wa ke da gaskiya?

"Assalamu alaikum. Na sayi PS5 na jona ta da talabijin ɗina, 4K ne mai inci 55, kuma a jikin kwalinsa an rubuta 120 ɓaro-ɓaro. Amma na'urar ta ƙi ba ni 120 Hz. Sannan idan ina buga ƙwallo ko gem ɗin harbi sai in ji ɗan wasana ya yi nauyi, ina dannawa yana makara. Talabijin zan canza ko waya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna. Na daɗe ina aikin jona talabijin da saita masa hoto, kuma a mafi yawan lokuta irin naka abu ɗaya ne ke haddasa matsalolin biyu. Lambar 120 da ke jikin kwalin ba ta nufin abin da PS5 ke nema, sunan wata dabara ce ta gyara motsi, kuma ita wannan dabarar tana cikin manyan abubuwan da ke sa ɗan wasanka makara. Makarar za ka iya magance ta yau da rimot ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ita kuwa 120 ɗin, ya danganta da abin da gilashin talabijin ɗin ke iyawa, kuma akwai hanyar da za ka tabbatar kafin ka yanke shawara.

Lambar da ke jikin kwali

Motsin da kake gani a allo hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri. Talabijin mai 60 Hz yana sabunta hotonsa sau 60 a sakan guda, wato kowane hoto yana zama milisakan 16.7 kafin a kawo na gaba. Mai 120 Hz yana sabuntawa sau 120, kowane hoto milisakan 8.3. Wannan halittar gilashin ce tun daga masana'anta, babu saitin da ke ƙara ta.

To amma kamfanoni suna da wasu lambobi na talla, kowa da sunan da ya ba nasa: Motion Rate, TruMotion, Motionflow da ire-irensu. Lambar da ake rubutawa a gaban irin wannan sunan sau da yawa ninki biyu ce ta ainihin saurin gilashin. Idan an rubuta 120, galibi gilashin 60 ne, idan an rubuta 240, galibi 120 ne. Hujjarsu ita ce talabijin ɗin yana amfani da dabaru don motsi ya yi laushi, ko dai ta hanyar ƙyafta hasken baya tsakanin hotuna, ko ta ƙirƙirar hoton ƙarya a tsakanin hotuna biyu na gaskiya. A riƙe wannan ta biyun, domin ita ce za ta bayyana mana makarar. Kafin talabijin ya ƙirƙiro hoton tsakiya, dole ya ga hoto na farko da na biyu gaba ɗaya, ya kwatanta su, sannan ya zana abin da yake zaton ya faru a tsakaninsu. Ke nan sai ya riƙe hoton da ya riga ya iso yana jiran na bayansa. A kallon fim babu mai lura da wannan jiran. A gem kuwa, yatsanka ne ke biyan kuɗinsa.

PS5 ba ta duba kwali. Da zarar ka jona wayar HDMI, talabijin yana aika mata da wani ɗan bayani da ake kira EDID, wanda ke lissafa duk irin hoton da kafar da ka jona wayar a cikinta za ta iya karɓa. Idan babu 120 Hz a lissafin, na'urar ba za ta aiko shi ba, ko da ka kunna mata izini. Shi ya sa maganarta ta fi ta kwali abin dogaro. Ka shiga Settings, ka zaɓi Screen and Video, sannan Video Output, ka buɗe Video Output Information. A nan za ta nuna maka abin da take aikawa a yanzu da abin da talabijin ya ce yana karɓa. Mai Xbox Series X yana da irin wannan shafin, sunansa 4K TV details a ƙarƙashin TV & display options.

Abin da waya da kafa ke iya ɗauka

Ko gilashin ya kasance mai 120 na gaskiya, sai hanyar da hoton ke bi ta iya ɗaukar lodinsa. A nan ne yawan ɗigon hoto da saurin sabuntawa suke haɗuwa, domin duka biyun a waya ɗaya suke tafiya. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a kwance da 2160 a tsaye, jimla miliyan 8.3, wato ninki huɗu na 1080p. Idan kowane ɗigo yana ɗauke da bit 30 na launi, kamar yadda HDR, tsarin hoto mai ƙarin haske da launi, ke buƙata, kuma ana aika hoton sau 120 a sakan, lissafin ya kusa gigabit 30 a sakan tun kafin a haɗa da ƙarin bayanan da hanyar kanta ke buƙata. Kafar HDMI 2.0 iyakarta gigabit 18. Tana ɗaukar 4K a 60 Hz, tana ɗaukar 1080p ko 1440p a 120 Hz, amma cikakken 4K a 120 ya fi ƙarfinta. Wannan sai HDMI 2.1, wadda aka fitar da ƙa'idarta a 2017 kuma take kaiwa gigabit 48.

Saboda haka talabijin na 4K kashi uku ne a gaban PS5. Akwai mai gilashin 60, wanda iyakarsa 4K a 60 komai aka yi masa. Akwai mai gilashin 120 amma kafofinsa na tsohuwar ƙa'ida ne, kamar da yawa daga cikin manyan talabijin da aka ƙera kafin waɗannan na'urori su fito a Nuwamban 2020. Irin wannan zai ba ka zaɓi ne, ko 4K a 60 ko 1080p a 120. Sai na uku mai gilashin 120 da kafa mai faɗi, shi ne ke ba da duka biyun a lokaci guda. Daga yadda ka bayyana naka, na fi zaton yana kashi na farko, amma akwai abubuwa uku da za ka duba kafin ka haƙura, don na sha ganin talabijin mai iyawa yana zaune a 60 saboda ɗaya daga cikinsu.

Na farko, kafar da ka jona. A talabijin da yawa kafa ɗaya ko biyu ne kawai cikin huɗu ke ɗaukar 4K a 120, kuma ana rubuta hakan da ƙananan haruffa a gefen kafar. Ka haska bayan talabijin ɗin ka karanta. Na biyu, ko kafar ta dace, sau da yawa tana zuwa a taƙaice daga masana'anta don ta yi aiki da tsofaffin na'urori, sai ka buɗe ta da kanka a saiti. A Samsung sunan wannan saitin Input Signal Plus, a LG ana kiransa HDMI Ultra HD Deep Colour, a Sony kuma HDMI signal format ne ake mayarwa Enhanced format. Kowace kafa da nata, don haka ka tabbatar wadda PS5 ke ciki ka kunna wa. Na uku, idan hoton yana ratsawa ta cikin sifika ko amfilifaya kafin ya isa talabijin, to ƙarfin wannan na'urar ta tsakiya ne zai zama iyakarka. Ka jona PS5 kai tsaye da talabijin, ka mayar da sauti zuwa sifikar ta kafar da aka rubuta wa ARC ko eARC.

Batun waya kuwa, wadda ta zo a cikin kwalin PS5 ta isa, domin an yi ta ne don 4K a 120. Idan ita kake amfani da ita, ba ita ce matsalar ba. Waya mai rauni tana da alamunta: allo ya yi baƙi na sakan ɗaya ko biyu ya dawo, ko fararen ɗigogi su riƙa walƙiya a hoto, ko hoton ya ɗauke gaba ɗaya daidai lokacin da gem ya koma 120. Waya ba ta sa ɗan wasa nauyi. Ko dai bayanin ya isa ko bai isa ba.

Inda makarar take ɓuya

Daga lokacin da ka danna madanni a hannun gem zuwa lokacin da idonka ya ga sakamako, saƙon yana yada zango uku. Hannun gem yana aika shi zuwa na'ura, na'ura tana lissafa abin da ya faru ta zana sabon hoto, sannan talabijin ya karɓi hoton ya nuna. Zango na ƙarshe shi ne wanda masu gwajin talabijin ke aunawa, kuma shi ne ya fi bambanta tsakanin saiti da saiti. Talabijin na zamani a saitinsa na kallon fim yana yi wa kowane hoto aiki iri-iri kafin ya sake shi: rage hazo, ƙara kaifi, gyara launi, sai kuma ƙirƙirar hotunan tsakiya da muka ambata. Ba abin mamaki ba ne wannan ya ci milisakan 80 zuwa sama da 100. Idan aka sa shi a Game Mode, yana tsallake yawancin wannan aikin, jinkirin ya sauko wajen milisakan 10 zuwa 15 a 60 Hz.

Bari mu lissafa da irin naka. Mu ɗauka, a matsayin misali, gem ɗin yana gudu da hoto 60 a sakan, kuma hannun gem da na'ura suna cin tsawon hotuna uku kafin su fitar da sakamako, wato milisakan 50. Wannan adadin yana canzawa daga gem zuwa gem, amma ya isa mu ga yadda abin yake. Idan talabijin ya ƙara nasa 100, jimla 150 ke nan, tsawon hotuna tara. A gem ɗin ƙwallo, ka danna ka ba da ƙwallo amma abin da kake gani a allo ya riga ya wuce, mai tsaron baya ya riga ya rufe gurbin da kake hange. Ka kunna Game Mode, talabijin ya koma 12, jimla ta zama 62. Ka cire milisakan 88 da rimot kawai. Yanzu mu ce ka sayi sabon talabijin mai 120 na gaskiya, kuma gem ɗin yana iya gudu a 120. Hotuna ukun nan sun koma milisakan 25, talabijin ya ƙara kamar 6, jimla 31. Wannan ci gaba ne na gaskiya, mai buga gasa zai ji shi a hannunsa, amma ribar da ya kawo ba ta kai rabin wadda Game Mode ya kawo kyauta ba. Abin da ya sa na ce kada ka sayi komai tukuna ke nan.

Wajen kunna shi, ka lura da cewa talabijin da yawa suna riƙe saitin hoto na kowace kafa daban, wasu ma suna raba na hoton HDR da na hoto na yau da kullum. Ka kunna Game Mode a lokacin da gem ke gudana a allo, domin in ka kunna shi kana kallon tasha, mai yiwuwa ne kafar PS5 ta ci gaba da zama yadda take. Bayan haka ka leƙa saitin motsi ka tabbatar a kashe yake, saboda wasu talabijin suna barin wani nau'in laushin motsi a cikin Game Mode kansa, kuma yana dawo da wani ɓangare na jinkirin. Idan talabijin ɗinka yana da ALLM, na'urar za ta riƙa umartarsa ya shiga Game Mode da kansa duk lokacin da gem ya fara. A PS5 saitin yana nan a Video Output, ka bar shi a Automatic.

Da farko hoton zai iya yi maka kamar ya rage armashi, domin an cire masa kwalliyar da ka saba gani. Za ka iya gyara haske da launi da hannu a cikin Game Mode ɗin ba tare da jinkirin ya dawo ba.

Idan kana son ka gani da idonka, wayar salularka ta isa. Wayoyi da yawa suna ɗaukar bidiyon tafiyar hawainiya da hoto 240 a sakan, wato kowane hoto milisakan 4.2. Ka ajiye hannun gem a gaban allo yadda kyamara za ta kama yatsanka da allon tare, ka danna madannin da sakamakonsa ke fita nan take, kamar harbi. Sai ka ƙirga hotuna daga inda madannin ya nutse zuwa inda allo ya fara amsawa. A misalinmu za ka samu wajen 36 kafin gyara, wajen 15 bayan gyara. Ka maimaita sau goma ka ɗauki matsakaici, domin dannawa ɗaya tana iya faɗawa a farkon zagayen hoto ko a ƙarshensa. Wannan gwajin jimlar tafiyar gaba ɗaya yake aunawa, ba ya ware rabon talabijin shi kaɗai, amma bambancin da ke tsakanin saiti biyu a gem ɗaya na talabijin ne. Kuma ka yi shi a gem ɗin da ba ya buƙatar intanet, don jinkirin intanet wata matsala ce dabam wadda babu talabijin da zai warkar.

Akwai kuma rabon na'urar a cikin makarar, kuma shi ma yana hannunka. Gem da yawa a PS5 suna ba da zaɓi biyu: mai fifita kyawun hoto, wanda galibi ke gudu da hoto 30 a sakan, da mai fifita sauri, wanda ke gudu da 60. A 30 kowane hoto yana zama milisakan 33.3, don haka hotuna ukun nan na misalinmu sun zama 100. Mutum zai iya gyara talabijin tsaf amma ya ci gaba da jin nauyi saboda gem ɗin yana 30. A Settings, ƙarƙashin Saved Data and Game/App Settings, akwai Game Presets inda za ka zaɓi Performance Mode ya zama zaɓin farko. A gem ɗin harbi, tsere ko faɗa, ni 60 nake zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba.

Me sabon talabijin zai ƙara, me ba zai ƙara ba

Abin da mutane da yawa ba su sani ba kafin su saya shi ne 4K a 120 da ake tallatawa bayanin abin da ke tafiya a waya ne, ba lallai abin da na'urar ta zana ba. Zana ɗigo miliyan 8.3 sau 120 a sakan aiki ne da ya fi ƙarfin PS5 a manyan gem. Waɗanda ke ba da 120 galibi suna zana hoton ne a ƙasa da 4K, kamar 1440p ko 1080p, sannan a buɗa shi ya cika allo. Gem da yawa kuma ba su da 120 sam. Saboda haka abin da za ka fara dubawa shi ne gem biyu ko uku da ka fi bugawa, ko suna da shi. Idan babu, 120 ɗin sabon talabijin zai zauna ne ba aiki a yawancin lokacinka.

Shi ma kaifin 4K yana da sharaɗi, wato nisan zamanka. Ido mai lafiya yana daina bambance ɗigon 1080p a allon inci 55 daga nisan da ya ɗan wuce mita 2. Idan kujerarka tana mita 3 daga allo, bambancin 4K da 1440p da ƙyar za ka gan shi, alhali bambancin 30 da 60 kowa yana ganinsa daga kowane nisa. Wannan wani dalili ne na fifita sauri a kan yawan ɗigo.

A ganina babbar ribar gilashin 120 tana wasu wurare biyu da ba a cika tallata su ba. Ɗaya shi ne zaɓin hoto 40 a sakan da wasu gem ke bayarwa. Lambar 40 ba ta raba 60 daidai, don haka a talabijin irin naka hotunan za su riƙa zama tsawon lokaci mabambanci, motsi ya riƙa tuntuɓe. Amma tana raba 120 sau uku cif, kowane hoto milisakan 25, wanda shi ne tsakiyar 33.3 da 16.7 daidai. Sai ka samu kusan kyawun hoton 30 da rabin saurin da ke tsakaninsa da 60. Ɗayan kuma VRR ne, wanda PS5 ta samu a 2022. Idan gem mai 60 ya gaza a wuri mai cunkoso ya sauko 52, talabijin na yau da kullum ba ya jira, sai ya maimaita wasu hotunan, ko kuma allon ya nuna rabin hoto ɗaya da rabin wani, ka ga kamar an yaga shi a kwance. Da VRR talabijin ne ke bin saurin na'ura, yana sabuntawa daidai lokacin da hoto ya kammala. A PS5 yana aiki ne daga 48 zuwa 120 Hz, don haka a gilashin 60 filinsa daga 48 zuwa 60 ne kawai, a gilashin 120 kuwa gem yana da damar hawa 80 ko 90 ya zauna lafiya.

Idan bayan ka gyara Game Mode ka ga har yanzu kana son waɗannan, to wajen saye kada rubutun HDMI 2.1 kaɗai ya gamsar da kai. Ƙa'idar ta bar kusan duk sababbin abubuwanta a matsayin zaɓi, don haka talabijin zai iya ɗaukar sunan ba tare da 4K a 120 ko VRR ba. Ka nemi takardar bayanan ainihin lambar samfurin da girman da za ka saya, domin a jeri ɗaya ƙananan inci sukan zo da gilashin 60 manya kuma da 120. Ka tabbatar an rubuta 4K a 120 Hz a fili, da VRR, da adadin kafofin da ke ɗaukarsu. Akwai ma wasu masu gilashin 60 da ke karɓar 120 ta hanyar rage rabin layukan hoton, su ma sukan rubuta 120 a kwali. Inda hali ya yi, ka jona PS5 ɗinka da talabijin ɗin kafin ka biya, ka buɗe kafar a saiti, ka shiga Video Output Information ka karanta abin da ta rubuta.